Ina son dilana ya ɗaga mini kwana talatin, ta ina zan fara?

Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan masarufi a Haɗeja, shekara huɗu ke nan. Kusan shekara biyu ina sarin kaya wurin wani Alhaji a Kasuwar Singa ta Kano. Duk mako biyu nakan ɗauki kayan kamar naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, kuma nan take nake biya, yawanci ta taransifa. Matsalata ita ce manyan masu sayen kayana ma'aikata ne da malaman makaranta, sai ƙarshen wata suke biya. Kafin tsakiyar wata shago ya yi fayau alhali kuɗina na hannun mutane. Ina so in nemi Alhaji ya riƙa ba ni kaya in biya bayan kwana talatin, amma ina jin nauyinsa, kuma ina tsoron ya ɗauka karyewa na yi. Yaya zan yi masa maganar, me kuma zan nuna masa don hankalinsa ya kwanta?

Mai shago, Haɗeja

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya yi wa kasuwa albarka.

Kafin ka shirya abin da za ka faɗa wa Alhaji, zauna ka yi lissafin da shi zai yi a ransa yayin da kake magana, domin daga wannan lissafin amsarsa za ta fito. Dilan kayan masarufi ba riba mai yawa yake ci a kan katan ɗaya ba, da saurin jujjuya kuɗi yake rayuwa, kuma sau da yawa shi kansa sai ya biya kamfani kafin a yi masa lodi. Mu ɗauka ribarsa naira uku ce a cikin kowace ɗari. In ya ba ka kayan dubu ɗari shida, ribarsa dubu goma sha takwas ke nan. Da kuɗin na hannunsa, wataƙila ya juya su sau uku a wata ya ci dubu hamsin da huɗu. In kuma, Allah ya kiyaye, kuɗin suka maƙale gaba ɗaya, sai ya sayar da kayan miliyan ashirin kafin ya mayar da wannan asara ɗaya. Ga kuma tashin farashi. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, kuma dilolin da suka ba da bashi a irin wannan lokaci sun ga yadda kuɗi ke dawowa cif amma ba sa iya sayen adadin buhunan da suka fita. Wannan ne ya sa mutumin da ke sonka, wanda ka shekara biyu kana ciniki da shi, zai iya yin shiru ya ce bari ya yi tunani. Ba rashin yarda da kai ba ne.

Da ka fahimci wannan, za ka ga cewa abin da ya kamata ka kai masa tsari ne da zai rage masa waɗannan tsoro guda uku, kuma za ka ga kuskuren da mafi yawan 'yan kasuwa ke yi. Mutum ya je ya ce, "Alhaji, a taimaka a riƙa ɗaga mini ƙafa." Babu adadi, babu rana. Maganar da ba ta da adadi ita ce take kama da ta wanda ya karye, domin wanda ruwa ya ci duk abin da aka miƙo masa kamawa yake yi. Wanda ya ce kayan naira kaza nake so, ranar kaza zan ɗauka, ranar kaza zan biya, daga wuri kaza kuɗin za su fito, kowa ya ji shi ya san shagonsa na tsaye.

Shawarata kada ka nemi a mayar da dukkan sarinka bashi. A wata kana zuba wa Alhaji miliyan biyu da dubu ɗari huɗu kuɗi hannu. In ka ce a mayar da wannan na kwana talatin, ka ɗauke masa abin da ya saba samu ka ba shi jira a madadinsa, kuma babu dilan da zai yi murna da haka. Ka bar cinikin kuɗi hannu yadda yake, ka nemi ƙari a kansa. A sarin farkon wata ka ɗauki kayan miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, ka biya miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu kamar kullum, ragowar dubu ɗari shida su zama na kwana talatin. Ta haka cinikinsa da kai ya tashi daga miliyan biyu da dubu ɗari huɗu zuwa miliyan uku a wata, kuma abin da ke wuyanka bai taɓa wuce kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ka saba biyansa a wata ba. Ka faɗa masa da bakinka cewa dubu ɗari shidan nan ita ce iyaka, ba za ka ɗauki wani bashin ba sai ka sauke na farko.

Ban san yawan kuɗin da ke hannun ma'aikatan da ke saye a wurinka a kowane wata ba, don haka kai za ka gyara adadin. Ma'aunin shi ne, kada abin da ka nema ya wuce abin da ka tabbata yana shigowa a watan da albashi ya fi yin jinkiri. Buɗe littafin bashinka na wata shida da suka wuce, ka nemo wata mafi muni, ka ga nawa aka biya ka kafin biyar ga watan da ke biye. Wannan adadin, ka rage wani abu a kansa, shi za ka nema.

Ranar ɗaukar kayan ma abin kula ce ƙwarai, kuma mutane da yawa a nan suke faɗawa rami. Kwana talatin ba ɗaya ba ne a kowane gefen wata. In ka ɗauki kaya ranar 5 ga Maris, wa'adi zai cika 4 ga Afrilu. Ma'aikata sun kwashi kayan a cikin Maris, albashi ya shiga ƙarshen wata, kana da 'yan kwanaki ka tattara ka tura. Amma in ka ɗauka ranar 20 ga Maris, wa'adi zai cika 19 ga Afrilu. Kayan da ka rarraba musu a farkon Afrilu ba za a biya ka ba sai ƙarshensa, wato ranar biya za ta riske ka a daidai lokacin da aljihunka ya fi bushewa. Saboda haka ka ɗaure bashin da sarin farkon wata kawai, tsakanin uku da bakwai ga wata. Kuma ku tsayar da ranar da ake fara ƙirga: ranar da aka rubuta rasit ce, ko ranar da mota ta sauke kaya a Haɗeja? Kwana biyu ko uku ne tsakaninsu, amma na sha ganin wannan 'yar tazara ta ɓata tsakanin mutanen kirki, ɗaya yana ganin an saɓa masa alkawari, ɗayan yana ganin bai makara ba. Mafi sauƙi a rubuta ranar biya ƙarara a jikin rasit.

Sai abin da za ka nuna masa, kuma a nan nake so ka fi ɓata lokaci.

Akwai bambanci tsakanin tarihin saye da tarihin biya. Shekara biyu kana biya nan take, wannan ya nuna kana da ciniki, amma bai nuna yadda kake yi in kuɗin wani na hannunka ba, kuma wannan na biyun shi Alhaji ke son sani. To ka tona ka nemo duk lokacin da wani ya taɓa barinka da kayansa. Ka tuna ranakun da kuɗinka bai kai ba, Alhaji ya ce tafi da kayan ka turo ciko. Ko sau uku ne kawai a shekara biyu, waɗannan sun fi duk sauran rasitan daraja. Ka nemo ranar da ka ɗauki kayan, nawa ne cikon, da ranar da ka tura, daga saƙon banki ko daga littafinka. Haka mai gidan burodin da ke ajiye maka kaya ya karɓi kuɗi ƙarshen mako, da mai ruwan leda, da mai kawo maka ƙwai. Waɗannan duk bashi ne da kake biya kan lokaci ba tare da ka ɗauke shi a bakin komai ba. Ka nemi izinin biyu daga cikinsu ka ba da sunansu da lambarsu, don Alhaji ya kira ya tambaya in ya so. Kada ka ba da lambar kowa ba tare da ka sanar da shi ba.

Ka sami takarda ɗaya, ka ja layi huɗu: ranar saye, lambar rasit, adadin kuɗi, ranar biya. Ka cike na wata goma sha biyu da suka wuce, kusan layi ashirin da huɗu ke nan, ka tara jimilla a ƙasa. Da irin sarin da kake yi, jimillar za ta kai kusan miliyan ashirin da tara. Yana yiwuwa Alhaji bai taɓa haɗa wannan lissafin ba, domin masu saye a wurinsa suna da yawa, kuma yaransa ne ke rubuta rasit. Ganin wannan adadi a rubuce zai sa ya dube ka da wani ido. Tunda ta taransifa kake biya, je banki ko ka shiga manhajarsu ka fitar da takardar bayanan asusunka ta wata shida, ka ja layi a ƙarƙashin duk kuɗin da suka tafi asusunsa, yadda zai iya gwadawa da nasa littafin. Wannan takardar tana kuma nuna yadda kuɗi ke shigo maka a ƙarshen wata, wato tana tabbatar da dalilin da ka kawo. In asusun shago da na gida a haɗe suke, kuɗin cefane da na makarantar yara duk a ciki, to nuna shafukan da suka shafi ciniki kawai, kuma daga yau ka raba su.

In akwai lokacin da ka makara, ka rubuta shi. Kada ka tsallake. A ce cikon dubu ɗari da hamsin da ka yi alkawarin kwana uku ya kai kwana tara saboda rashin lafiyar iyali. Shi bai manta ba, ko yaronsa bai manta ba. In ya ga ka sa shi a takarda da dalilinsa, zai yarda da sauran layukan. In ya ga ka ɓoye, zai fara tunanin me kuma aka ɓoye.

Bayanan kasuwancin ba su da yawa: sunan shago, inda yake daidai yadda mutum zai iya zuwa ba tare da ya yi tambaya sau biyar ba, shekarar da ka buɗe, haya ne ko mallakarka, irin kayan da kake sayarwa, da su wa ke saye. In ka yi wa sunan kasuwancinka rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ka haɗa kwafin takardar. Dilan kasuwa ba lallai ya nema ba, amma ranar da ka je wurin kamfani kai tsaye za su ba ka fom, su nemi wannan rajistar da lambar haraji ta TIN da masu tsaya maka, wasu ma har da lamunin banki. A Singa abin da ya fi takardar rajista ƙarfi shi ne mutum. Wa ya fara kai ka wurin Alhaji? Akwai ɗan garinku da ya daɗe a kasuwar, wanda Alhaji ke jin maganarsa? Irin wannan mutumin kake buƙata. Amma ku fayyace tun farko, shaida zai yi cewa ya san ka, ko tsaya maka zai yi ya biya in ka gaza? Abubuwa biyu ne daban, kuma zumunci da yawa ya lalace saboda an gauraya su.

Ka fara yi masa maganar baki da baki, kada takarda ta riga ka isa. Kada ka yi ta a lokacin da motoci ke lodi yara na kai da kawo, kada kuma ka yi ta a gaban wasu masu saye, domin in ya amsa maka a gabansu gobe kowa zai nemi irin haka, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa ya ƙi. Ka gama sarinka, ka biya kuɗinka tsaf, sannan ka ce, "Alhaji, ina da 'yar magana in ka sami sarari." Ranar da ka biya cikakke ita ce ranar da ta fi dacewa a nemi bashi. Bayan ka yi bayani sai ka miƙa masa takardun tare da gajeriyar wasiƙa, wadda za ta iya zama kamar haka:

"Assalamu alaikum Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan alheri. Kamar yadda ka sani, kusan shekara biyu ke nan ina sarin kaya a wurinka, kuma na haɗo lissafin sayayyata da biyana na wata goma sha biyu da suka wuce. Ina neman a sarin farkon kowane wata ka ƙara mini kayan da ba su wuce naira 600,000 ba, in biya cikin kwana talatin daga ranar da aka rubuta rasit. Sauran sarina zai ci gaba kuɗi hannu kamar yadda muka saba, kuma ba zan ɗauki sabon bashi ba sai na biya na baya. Dalili shi ne masu saye a wurina yawancinsu ma'aikata ne da ke biya a ƙarshen wata. Ina roƙon mu gwada na wata uku, in ka gamsu mu ci gaba. Ga sunayen mutum biyu da nake irin wannan mu'amala da su, sun yarda a tambaye su. Na gode, Allah ya ƙara buɗi."

Maganar gwaji na wata uku tana da amfani, domin ta ba shi ƙofar fita ba tare da kunya ba, kuma mutum ya fi saurin shiga inda ya ga ƙofa.

Da wuya ya amsa daidai yadda ka nema, kuma kada ka ɗauki hakan a matsayin ƙi. Zai iya cewa kwana goma sha huɗu, ko dubu ɗari uku, ko ka riƙa turo wani abu duk mako. In ya ce sati biyu, ka duba littafinka kafin ka ce to. Sati biyu daga biyar ga wata zai cika sha tara, kuɗin ma'aikata ba su shigo ba. A wannan halin gara ka karɓi ƙaramin adadi a kan kwana talatin, ko ka zaɓi kayan da ke fita da sauri kuɗi hannu, irin su sukari da taliya da man girki, su zama su ne na bashin. Kada ka amsa wa'adin da ka san ba ya haɗuwa da shigowar kuɗinka don kawai kana jin nauyin musantawa.

Zai iya kuma cewa farashin bashi daban da na kuɗi hannu. Wannan ba zalunci ba ne in ka tuna lissafinsa na farko, kuma mafi yawan malamai sun halatta sayarwa a kan jinkiri da farashin da ya ɗara na nan take, muddin an tsayar da farashi ɗaya da wa'adi ɗaya tun lokacin ƙulla cinikin. Abin da ba ya halatta shi ne a ce in ka makara za a ƙara maka kaza, wannan riba ce ta haram. Haka kuma kada ku bar farashin a buɗe, a ce za a lissafa da farashin ranar biya. Kai dai ka lissafa ko ƙarin ya bar maka wani abu. In ya ɗora naira biyu a kowace ɗari, dubu goma sha biyu ke nan a kan dubu ɗari shida, sai ka gwada da ribar da kayan za su kawo maka a maimakon shago ya zauna fayau.

Duk abin da kuka daidaita a kai, a rubuta, ku sa hannu, da shaidu biyu. In ka ji nauyin kawo wannan, ka tuna aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi mai wa'adi ta sauka. Kai ka fara kawo maganar rubutun, kada ka jira shi. In ya nemi cek mai ɗauke da ranar biya, ka san nauyinsa kafin ka sa hannu: a Najeriya akwai doka tun 1977 da ta mayar da bayar da cek ɗin da ya dawo babu kuɗi laifi, hukuncinsa ɗaurin shekara biyu. Kada ka rubuta sai ka tabbata kuɗin za su kasance a asusun kafin ranar.

Bayan an ba ka, haɗarin ya koma wurinka, kuma ba daga Alhaji zai zo ba. Shago zai cika, kuɗi za su riƙa shigowa fiye da da, zuciya ta fara raya maka cewa naka ne. Biki ya taso, ko wani ya kawo tallan fili mai araha, ka ce bari in taɓa kafin ƙarshen wata. Ka buɗe wa kuɗin Alhaji shafi na daban, ko ma asusu na daban, duk mako ka zuba dubu ɗari da hamsin a ciki in ciniki ya ba da hali. Kada kuma ka ce tunda an ɗaga maka ƙafa bari ka ƙara yawan masu karɓar bashi a wurinka. Kayan an ba ka su ne don cike gurbin waɗanda ka riga ka san biyansu. Alamar da za ta nuna maka abu ya fara karkacewa ita ce ranar da ka ga sai ka rage sarin kuɗi hannu na tsakiyar wata, ko ka ranto a wani wuri, kafin ka iya biyan na Alhaji. Da ka ga haka sau ɗaya, ka rage adadin da kanka a wata mai zuwa.

In albashi ya yi jinkiri, kuma wata rana zai yi, kada ka bari ranar biya ta zo ta wuce kana shiru, kada kuma ka kashe waya. Tun saura kwana uku ko huɗu ka kira shi, ka tura abin da ke hannunka, ka ce, "Alhaji, ga dubu ɗari huɗu, saura ɗari biyu, ranar Alhamis in sha Allah," kuma ranar Alhamis ta zama ranar Alhamis. A watanni ukun gwajin nan ka yi ƙoƙari kuɗinsa su riga wa'adi da kwana ɗaya ko biyu, ka tura masa shaidar taransifa, ka nemi a rubuta "an biya" da kwanan wata a jikin rasit ɗinka. Waɗannan rasitai uku ka adana su da kyau, su za ka ɗora a saman takardunka ranar da za ka nemi a ɗaga iyakar zuwa miliyan ɗaya.